Takardar Tuhuma Kan Yawan Makara: Yadda Ake Neman Ba'asi Kafin Hukunci

Takardar tuhuma, wadda ma'aikata suka fi sani da kweri, wasiƙa ce da shugaba ke rubuta wa na ƙasa da shi a wurin aiki yana neman ba'asin wani abu da ake ganin ya saɓa ƙa'ida. Ba hukunci ba ce, kuma ba gargaɗi ba ce. Tambaya ce a rubuce, wadda aka sa wa amsarta wa'adi. A kan makara, ana rubuta ta ne idan latti ya zama jiki, an yi magana da baki ba a ga canji ba, amma har yanzu ba a kai ga dakatarwa ko tura ma'aikaci gaban kwamitin ladabtarwa ba. Ingancinta ya dogara ne da abu guda: mai rubuta ta ya kasance bai riga ya yanke hukunci a ransa ba. Ya tsaya tsayin daka kan abin da rajista ta nuna, ya kuma bar ƙofa a buɗe don jin dalili, domin rajista tana faɗin lokacin da mutum ya iso, amma ba ta san abin da ya tsare shi ba.

Wannan tsari yana da tushe a doka. Dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, bugun 2008, sun sa yawan makara a jerin laifuffukan rashin ɗa'a, sun kuma ware ƙin zuwa aiki ba tare da izini ba a cikin manyan laifuffukan da kan iya kai mutum ga kora. Dokokin sun ɗora wa shugaba nauyin cewa da zarar bai gamsu da halin na ƙasa da shi ba, ya sanar da shi a rubuce, ya fayyace masa abin da ake zarginsa da shi, ya ba shi ƙayyadadden lokaci ya kare kansa. Bayan wannan akwai sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya tanadi haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci. Tun bayan gyaran kundin na 2010, shari'un da suka shafi aiki da kora sun koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma idan aka sallami mutum bisa zargin laifi, daga cikin abubuwan da alƙali kan fara dubawa akwai ko an ba shi damar faɗin nasa. Makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi ko kamfani ba sa ƙarƙashin dokokin aikin gwamnati, amma gaban wannan kotun za su tsaya idan rigima ta tashi. Takardar tuhuma da amsarta su ne shaidar cewa an ji ta bakin ma'aikaci.

Abin da ke gabanin rubutu

Galibin takardun tuhumar da ke rushewa, tun kafin a ɗauki biro suka lalace. Abu na farko da shugaba zai tabbatar shi ne akwai lokacin fara aiki a rubuce, kuma ma'aikacin ya san da shi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da abin da ya shafi sa'o'in aiki. Wurin da kowa ke zuwa sa'ad da ya ga dama, aka wayi gari aka tuhumi mutum ɗaya da makara, ba a kama shi da karya ƙa'ida ba, domin babu ƙa'idar. Idan akwai sassauci, misali minti goma bayan ƙarfe takwas, a san da shi, kuma kada a lissafa ranakun da suka faɗa cikinsa.

Na biyu shi ne rajistar zuwa aiki. A ofisoshi da dama ana ja jan layi a littafi idan lokaci ya cika, duk wanda ya sa hannu a ƙasansa ya makara. Wasu wuraren sun koma na'urar dangwala yatsa. Kowanne yana da aibinsa. Littafi ana sa wa aboki hannu, ana kuma rubuta lokacin ƙarya idan ba a ja layin ba. Na'ura kuwa takan ƙi karanta yatsa, ko agogonta ya goce bayan ɗaukewar wuta. Saboda haka kafin a kafa hujja da rajista, sai an duba ko ranar da ta nuna mutum ya makara ta nuna kowa ma ya makara, alamar matsalar daga na'ura take ko daga ruwan sama da ya tsare gari. Sai an kuma duba ko akwai ranar da aka aike shi wani wuri da safe, ko ya nemi izini ta waya. Rana ɗaya ta kuskure a cikin takarda ta ishi ma'aikaci ya jefa shakku a kan sauran duka, kuma yana da gaskiyarsa.

Duba rajistar yana da wani amfani da shugabanni ba sa son ji. Idan ta nuna mutum huɗu ne ke makara, aka rubuta wa ɗaya aka ƙyale uku, kowa a ofis zai karanta takardar a matsayin bi-ta-da-ƙulli, ko da duk abin da ke cikinta gaskiya ne. Haka ma shugaban da shi kansa sai ƙarfe goma yake shigowa. Takardarsa za ta iya tsayawa a gaban doka, amma ba za ta gyara kowa ba.

Sai batun lokaci. Takardar da aka rubuta a watan Disamba kan makarar watan Maris ta yi rauni ta fuska biyu. Ma'aikaci ba zai iya tuna abin da ya tsare shi wata tara da suka wuce ba, ke nan an tauye masa damar kare kai. Sannan kotu kan ɗauki dogon shirun mai aiki, bayan ya san da laifi, a matsayin ya yafe. Mako huɗu zuwa shida na rajista sun isa su nuna ko makarar ta zama ɗabi'a, kuma a rubuta takardar cikin 'yan kwanaki da makarar ƙarshe.

Misali daga ɗakin kati

A ɗauki wani asibitin kuɗi da ke buɗe ɗakin kati da ƙarfe 8:00 na safe, Litinin zuwa Juma'a, da sassaucin minti goma. Magatakardan da ke fitar da katin marasa lafiya shi ke riƙe da mabuɗin. Shugabar sashen ta yi masa magana da baki ranar Juma'a 20 ga Satumba, 2024, ta rubuta hakan a ɗan littafinta. A watan Oktoba, cikin ranakun aiki 22, rajista ta nuna ya makara sau bakwai. Ga yadda takardar za ta kasance, bayan kwanan wata na 30 ga Oktoba, 2024, da lambar fayil, da sunan ma'aikaci da muƙaminsa:

"Malam Wane, Neman Ba'asi Kan Makara. Bisa takardar ɗaukarka aiki, lokacin fara aikinka ƙarfe 8:00 na safe ne. Rajistar zuwa aiki ta nuna cewa a watan Oktoba, 2024, ka iso a waɗannan lokuta: Litinin 7 ga wata, 8:50, Laraba 9 ga wata, 8:25, Litinin 14 ga wata, 9:05, Alhamis 17 ga wata, 8:30, Litinin 21 ga wata, 8:55, Talata 22 ga wata, 8:20, Litinin 28 ga wata, 9:10. Jimillar lokacin awa biyar da minti goma sha biyar ne. An haɗa kwafin shafukan rajistar da wannan takarda.

"Za ka tuna na yi maka magana kan wannan batu a ofishina ranar 20 ga Satumba, 2024. A ranakun da aka lissafa, ɗakin kati ya kasance a rufe, marasa lafiya suna jira, likitoci kuma ba su iya fara duba su ba har sai da ka iso. Yawan makara ya saɓa wa sharuɗɗan aikinka, kuma yana iya jawo gargaɗi a rubuce ko wani matakin ladabtarwa.

"Ana buƙatar ka bayyana a rubuce dalilin makararka a waɗannan ranaku, da dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanka. Amsarka ta iso ofishina kafin ƙarfe 4:00 na yammacin Litinin 4 ga Nuwamba, 2024. Idan akwai wata lalura ta rashin lafiya ko ta iyali, ko kana ganin akwai kuskure a rajistar, ka faɗa tare da duk shaidar da kake da ita. Ba a yanke wani hukunci ba tukuna, kuma ba za a yanke ba sai an karanta amsarka. Idan wa'adin ya wuce ba ka amsa ba, za a yi aiki da abin da rajista ta nuna."

Daga nan sai sa hannun shugabar da muƙaminta, da wurin da ma'aikaci zai sa hannu da kwanan wata da lokacin da ya karɓa.

Takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba, amma kowane layi yana ɗauke da aiki. Jera ranaku da mintoci shi ne ƙarfinta. Da an rubuta cewa kullum yana makara, da ya sami abin musu, tunda ranaku goma sha biyar daga cikin ashirin da biyu bai makara ba. Wanda aka ce wa kullum, amsarsa ita ce ba kullum ba ne, shi ke nan an koma cacar baki. Wanda aka ce wa Litinin 14 ga wata, ƙarfe 9:05, dole ya yi magana a kan wannan safiya. Ambaton maganar 20 ga Satumba yana nuna ba daga sama takardar ta faɗo ba. Faɗin abin da makarar ta jawo, wato ɗaki a rufe da marasa lafiya a kan benci, yana fitar da batun daga son ran shugaba zuwa buƙatar aiki.

Akwai kuma abubuwan da aka bari da gangan. Babu kalmar raggo, ko marar kunya, ko mai raina na gaba. Waɗannan hukunci ne a kan halin mutum, kuma duk wanda ya karanta su daga baya, ko kwamiti ne ko alƙali, zai ga an gama shari'a kafin a kira wanda ake zargi. Ba a cusa wasu laifuffuka ba, irin su yawan riƙe waya ko wata tsohuwar gardama, domin takardar da ta tara zargi biyar takan sami amsa a kan wanda ya fi sauƙi, a manta da sauran. Ba a kuma yi barazanar kora ba. An faɗi matakin da ƙa'idar wurin ta tanada ga irin wannan laifi, aka tsaya nan. Shugaban da ya yi barazana da abin da ba shi da ikon zartarwa, ko abin da ya fi ƙarfin laifin, ya zubar da nauyin takardarsa ta gaba.

Wa'adi ma yana bukatar lura. A aikin gwamnati an saba da awa 72, kamfanoni da yawa kuma suna ba da awa 24 ko 48. Awa 24 ta yi kaɗan ga mutumin da aka nemi ya yi bayanin ranaku bakwai, wataƙila har ya nemo katin asibiti. Ƙirga awowi kuma yakan haifar da gardama idan Asabar da Lahadi suka shiga tsakani: awa 72 daga ranar Laraba tana cika ne ranar Asabar, lokacin da ofis ke rufe. Shi ya sa a misalin aka rubuta rana da lokaci ƙarara, kwana uku na aiki.

Miƙa takarda

Ana miƙa ta ne hannu da hannu, a ofis, ba a gaban abokan aiki ba. Liƙa ta a allon sanarwa ko tura ta zauren ma'aikata na waya tozarci ne, kuma mutumin da aka kunyata a bainar jama'a mutuncinsa zai tsaya karewa, ba gaskiyar abin da ya faru zai faɗa ba. Ma'aikaci zai sa hannu a kwafi, a kuma bayyana masa cewa sa hannun shaidar karɓa ce kawai, ba amsa laifi ba. Da yawa suna ƙin sa hannu ne saboda ba a gaya musu haka ba. Idan duk da haka ya ƙi, sai a kira wani babban ma'aikaci ya shaida, a rubuta a jikin kwafin cewa an miƙa a rana kaza, lokaci kaza, ya ƙi karɓa.

A yawancin ofisoshin Najeriya da Turanci ake rubuta irin wannan takarda. Ga maigadi, ko direba, ko mai shara da bai iya karanta Turanci ba, adalci shi ne a karanta masa ita da Hausa a gaban shaida, a bar shi ya amsa da harshen da ya iya, da boko ko da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa a sake karanta masa kafin ya dangwala. Damar kare kai da mutum bai fahimci tambayarta ba, suna kawai ta tara.

Karanta amsa

A nan ne ake gane ko da gaske aka yi tambayar. Wanda ya duba jerin ranakun da ke cikin misalin da kyau zai ga wani abu tun kafin amsa ta zo: duk Litinin huɗu na watan suna ciki, kuma su ne masu tsawo, minti 50, 65, 55 da 70. Sauran ukun ba su wuce rabin awa ba. Wannan ba makara iri ɗaya ba ce. Ta Litinin tana da sanadi guda da ke maimaituwa, sauran kuwa sun fi kama da sakaci ko tsautsayin hanya.

A ce magatakardan ya amsa cikin wa'adi. Ya bayyana cewa mahaifiyarsa na kwance a garinsu, yakan tafi ran Juma'a da yamma ya kwana da ita, ya biyo motar farko ran Litinin, motar kuma ba ta tashi sai ta cika. Ya haɗa da kwafin katin asibitinta. Game da Alhamis 17 ga wata, ya ce ya kira mataimakin shugabar da ƙarfe 7:40 ya sanar da shi babur ɗinsa ya yi faci. Ranakun 9 da 22 kuwa ya amsa cewa ba shi da uzuri, ya nemi afuwa.

Aikin shugabar shi ne ta bi amsar rana-rana, kamar yadda ta jera zargin. Za ta tambayi mataimakin. Idan ya tabbatar da kiran, ranar 17 ta fita daga lissafi, kuma a rubuta cewa ta fita. Ranaku biyun da ya amsa, sun tabbata. Litinin huɗun su ne masu wuya. Dalilin gaskiya ne, babu mai zargin ɗa don ya je jinyar uwarsa. Amma dalilin bai buɗe ɗakin kati ba, kuma akwai abin da ya rage a wuyansa: an yi masa magana tun 20 ga Satumba, ya san Litinin za ta riƙa zuwa masa da matsala, bai faɗa ba sai da takarda ta zo. Laifinsa a nan ba makarar ba ce kawai, shirun ne. Tsayawa kan gaskiya shi ne a gaya masa haka ba kwana-kwana. Adalci kuma shi ne a nemi mafitar da za ta yiwu: ko ya riƙa dawowa ran Lahadi da yamma, ko a ba abokin aikinsa mabuɗin safiyar Litinin na wani ƙayyadadden lokaci, shi kuma ya rama da tsayawa bayan tashi.

Wasu dalilan doka ce da kanta ta kare su, ba alfarmar shugaba ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki domin jaririnta. Idan amsa ta nuna irin wannan lalura, abin dubawa shi ne yadda za a tsara mata lokacin, ba yadda za a hukunta ta ba. Tsadar sufuri kuwa, wadda ta ƙaru tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dalili ne da ya shafi kusan kowa. Shi kaɗai ba ya wanke mutum ɗaya alhali sauran suna isowa a kan lokaci, amma idan amsoshi da yawa suka zo da shi, ya kamata hukumar wurin ta sake duba lokacin fara aiki ko kuɗin mota.

Abin da ke biyo baya

Kowace takardar tuhuma tana bukatar a rufe ta a rubuce. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a karɓi amsa a jefa a fayil, ba a ce uffan ba. Ma'aikaci bai san ko an gamsu ba, sai bayan shekara biyu, ranar duba ƙarin girma, a ciro takardar a kafa masa hujja da ita. Sakamakon ba ya wuce ɗayan uku: an gamsu da bayani, magana ta ƙare, ko ba a gamsu gaba ɗaya ba, amma nasiha a rubuce ta wadatar, ko kuwa bayanin bai wanke shi ba, za a shiga matakin ladabtarwa na hukuma. A misalin ɗakin kati na biyun ne ya dace. Shugabar za ta rubuta masa 'yar gajeriyar wasiƙa: an cire ranar 17, an karɓi dalilin Litinin amma ba a karɓi rashin sanarwa ba, ga tsarin da aka amince da shi, kuma za a sake duba rajista a ƙarshen Nuwamba. Idan watan ya wuce lafiya, a gaya masa, a sa hakan a fayil kusa da takardar farko.

Wani abu da masu kamfanoni kan yi cikin fushi shi ne yankar albashi a matsayin tara, naira kaza kan kowace makara. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire wa ma'aikaci kuɗi daga albashinsa da sunan tara, sai inda doka ta ba da dama. Ko a kan asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce kafin a cire. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na magatakarda, ba manyan jami'ai da ƙwararru ba, waɗanda takardar ɗaukarsu aiki ce ke iko da lamarinsu. Magatakardan ɗakin kati yana cikin waɗanda ta kare.

Idan kuma watan Nuwamba ya zo da wata makarar ba tare da sanarwa ba, asibitin na da hujjar da ba ta da ɓaraka: rajista, maganar baki mai kwanan wata, takardar tuhuma, amsar ma'aikaci da hannunsa, da tsarin da ya amince da shi ya kuma saɓa. A kan waɗannan ne ake rubuta gargaɗi na hukuma, kuma ko shi sai an sake ba ma'aikacin damar bayanin sababbin ranakun kafin a sa masa hannu.